Miliyan ɗaya da jika 200 a banki: shekara nawa kafin ya isa kuɗin fili?

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar lakkwal ce a nan Tahoua. Bayan rasuwar babanmu anka raba gado na samu miliyan ɗaya da jika 200, kuma burina in sayi fili nawa na kaina, wanda na gani an ce min miliyan 2. A banki sun ce in na buɗe kont na ajiya za su riƙa ƙara min kashi 3.5 cikin ɗari duk shekara. Ni na lissafa na ga sai shekara 19, ƙanena da ke tarminal ya danna wani abu wai log a waya ya ce 15. Maigidana kuma ya ce duk ɓata lokaci ne, in ba wansa kuɗin ya sa a albasa, ya yi alkawalin kashi 10 duk shekara. Har mun fara samun saɓani a kan maganar. Wa ke da gaskiya, kuma mi zan yi?

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta.

Ƙanenki ya yi daidai, amma ke ma lissafinki ba shirme ba ne, kawai kuɗi iri biyu kuke lissafawa ba ku sani ba. Ke kin ɗauki kashi 3.5 na 1,200,000 kinka samu 42,000, kinka ga saura 800,000 ki kai miliyan 2, kinka raba 800,000 da 42,000 ya ba ki 19 da ɗan ɗoriya. Wannan shi ne gaskiyar wadda duk ƙarshen shekara take zuwa gishe ta zare jika 42 ɗin ta kai gida ta ɓoye a akwati. Amma in kin bar shi a ciki, shekara ta biyu ba a kan 1,200,000 za a yi miki lissafi ba, a kan 1,242,000 ne, sai ƙarin ya zama 43,470, shekara ta uku ya ƙara hawa, haka dai haka dai. Jika ɗaya da ɗan abu a shekara ta biyu kamar ba komai ba, amma shi ne ke taruwa har ya cinye shekara huɗu daga cikin 19 ɗinki.

To abin da ke faruwa duk shekara shi ne ana ninka kuɗin da 1.035. Wannan 1 ɗin uwar kuɗinki ce, 0.035 ɗin kuma shi ne kashi 3.5 cikin ɗari. Shekara ɗaya ninki ɗaya, shekara biyu ninki biyu, kuma abin da kike nema shi ne sau nawa za a ninka kafin a kai. Kina iya zama da kaye da bik ki yi ta ninkawa layi layi har ki ga miliyan 2 ta fito, kuma wallahi ina ba ki shawara ki yi hakan sau ɗaya don zuciyarki ta natsu, layi 15 ne kawai. Logaritim gajeriyar hanya ce ta wannan zaman, ba wani tsafi ba.

Ga yadda yake aiki, tunda ke malama ce nasan ba za ki so a ce miki danna kawai ba. Log na lamba yana gaya miki 10 sau nawa za a ninka da kanta a samu lambar. Log na 100 shi ne 2, log na 1,000 shi ne 3. Yanzu ninka 100 da 1,000, kin samu 100,000, log ɗinsa 5, wato 2 a tara da 3. Kinga abin da ya faru, ninkawa ta koma tarawa. Duk amfanin abin kenan, kuma don shi ne John Napier ya fitar da teburinsa a 1614, lokacin da masu lissafin taurari ke kwana suna ninka manyan lambobi da hannu. To in ninkawa ta koma tarawa, kenan duk shekarar da anka ninka kuɗinki da 1.035, a wajen log an tara masa abu guda ne da ba ya canzawa, wato log na 1.035. Ya zama kamar tafiya, kin san nisan wurin, kin san tsawon takinki, sai ki raba ki san taki nawa.

Nisan shi ne log na abin da kike so a raba da abin da kike da shi. 2,000,000 a raba da 1,200,000 ya ba da 1.6667, wato kuɗinki na buƙatar su ninku sau ɗaya da biyu bisa uku. Takin kuma log na 1.035 ne. Ki buɗe kalkulatiris ɗin wayarki, yawancin wayoyi sai kin kwantar da su a gicciye ko kin danna wani maɓalli kafin log ya fito, ki rubuta haka:

```
log(2000000 ÷ 1200000) ÷ log(1.035)
```

Na sama zai ba ki 0.22185, na ƙasa 0.01494, in kin raba 14.85. In banki sau ɗaya yake zuba ƙarin a shekara to ba a cewa 14 da wata goma, sai shekara ta 15 ta cika. Kuma kada ki yarda da ni, duba: ƙarshen shekara 14 kuɗin na wajen 1,942,400, bai kai ba, ƙarshen ta 15 ya zama wajen 2,010,400, ya wuce da kaɗan. Kullum sama ake kai amsar, ko da 14.1 ta fito, don mai fili ba zai karɓi saura ƙiris ba.

Za ki ga wani maɓalli kusa da shi an rubuta ln. Shi ma log ne, na wani ma'auni daban, kuma amsa ɗaya za ki samu: 0.51083 a raba da 0.03440, 14.85 ɗin dai. Sharaɗi kawai kada ki sa log a sama ln a ƙasa, nan ne za ki ga amsar da ba ta da kai ba ta da gindi.

Bari in tsaya kan inda mutane ke zamewa, saboda waya ba ta cewa kin yi kuskure, lamba kawai take ba ki ki tafi kina murna. Wanda ya fi yawa shi ne a rubuta log(3.5) a ƙasa, tunda 3.5 ɗin anka ji a banki. Amsar za ta fito 0.41, wato wai wata biyar kuɗinki sun kai miliyan 2, in da haka ne ai da babu talaka a Ader. Wani kuma ya tuna kashi cikin ɗari ne sai ya rubuta log(0.035) ya manta 1 ɗin, shi amsarsa da alamar ragi take fitowa a gaba, kuma shekara ba ta yin ƙasa da sifili. Wanda ya fi su haɗari shi ne 1.35 maimakon 1.035, sifili ɗaya ya faɗi, kin mayar da kashi 3.5 ya zama 35, amsa ta fito shekara 1.7 kuma ba ta yi kama da hauka sosai ba, mutum na iya yarda. Sai masu yanke lamba, ya ga 0.01494 ya ce ai 0.01 ne, ya raba ya samu 22. Lambar ƙasa ƙarama ce ƙwarai shi ya sa ɗan yanka kaɗan ke jefa ki nesa, ki bar mata aƙalla lamba biyar bayan ɗigo ko ma ki bar waya ta yi duka a layi ɗaya. In wayarki da Faransanci take, waƙafi za ki gani a wurin ɗigo, 1,035, duk ɗaya ne kada ya ruɗe ki.

Akwai wani awo na ka da 'yan banki ke yi wanda zai tsare ki daga duk waɗannan: raba 72 da yawan kashin, ki samu kusan shekarun da kuɗi ke ninkuwa biyu. 72 a raba da 3.5 wajen 20 da rabi, log kuma na cewa 20.15, kinga sun yi kusa. Ke ba ninki biyu kike nema ba, ɗaya da biyu bisa uku ne, kenan dole amsarki ta gaza 20 amma ba da nisa can ba. 15 ta zauna daidai, 1.7 da 22 kuwa tun daga nesa kin san ƙarya ne.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, kuma a nan maigidanki yana da rabin gaskiya. Wannan 15 ɗin tana tsaye ne a kan abu biyu, cewa 3.5 ɗin duka zai shigo hannunki, da cewa filin zai zauna yana jiranki a miliyan 2. Shi 3.5 ɗin ba kyautar bankinki ba ce, shi ne abin da anka ƙayyade wa irin wannan ajiya a ƙasashen UEMOA masu amfani da sefa, shi ya sa duk inda kinka je kusan shi za ki ji. Amma ki tambaye su ko ana cire haraji ko wani kuɗin riƙon kont daga ciki, don lambar da za ki sa a log ita ce abin da ya rage miki bayan an cire komai. A misali in abin da ya rage kashi 3 ne, log(1.03) shi ne 0.01284, amsa ta koma 17.3, wato shekara 18. Rabin kashi kawai ya ƙara miki shekara uku. Haka in kuɗin sun kai nisabi kina fitar da zakka 2.5 cikin ɗari daga cikinsu duk shekara, ninkin ya zama 1.035 sau 0.975, wajen 1.0091, shekarun su haura 56. Ko sun kai nisabi ko ba su kai ba malami za ki tambaya, ni lissafin kawai nake nuna miki.

Shi kuwa fili, ke ce a Tahoua, kin fi ni sanin nawa ake sayar da shi a unguwar lokacin da kinka fara aiki da nawa yake yau. Mu ɗauka kashi 2 kawai yake hawa a shekara, wanda shi ne tsakiyar abin da babban bankinmu BCEAO ke so hawan tsadar kaya ya tsaya, tsakanin 1 da 3. Kuɗinki na ninkuwa da 1.035, filin na ninkuwa da 1.02, abin da kike cin masa duk shekara shi ne 1.035 a raba da 1.02:

```
log(2000000 ÷ 1200000) ÷ log(1.035 ÷ 1.02)
```

Amsa 35. Shekara talatin da biyar Malama, kin yi ritaya tuni. In kashi 3 yake hawa ta wuce shekara 100. In kuma ya fi 3.5, a ce 5, amsar za ta fito da alamar ragi, kuma a wannan karon ba kuskuren dannawa ba ne, log ne ke gaya miki ba ranar kamawa, filin ya fi kuɗinki gudu. Duk wannan ma a ce shekarun sun tafi lami lafiya kenan, manya na tuna Janairun 1994 da anka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, babu log ɗin da ya hango wannan. Saboda haka ajiye kuɗin ki naɗe hannu ba tsari ba ne, ko 15 ko 19 duka ba za su kai ki filin ba.

Amma wannan bai sa albasa ta zama amsa ba. In kin sa kashi 10 a lissafin, log(1.1) shi ne 0.04139, amsa 5.4, shekara 6, a takarda abin sha'awa. Matsalar ita ce lissafin nan yana aiki ne kawai in ninkin iri ɗaya ne duk shekara, albasa kuwa kin san halinta, lokacin da ake cirewa a Galmi da kewaye kasuwa ta cika buhu ya faɗi, wanda ya adana a rudu yana jiran tsada wani lokacin ya ci riba sosai wani lokacin ruɓa ta cinye masa kaso mai yawa, ga kuɗin mota, ga iyaka in an rufe. A ce bana an ci kashi 30, baɗi an faɗi kashi 20. Mutum zai ce 30 a cire 20 saura 10, kowace shekara 5. Ba haka ba ne, ninkawa ake, 1.3 sau 0.8 ya ba da 1.04, kashi 4 a shekara biyu, wajen 2 a shekara, ƙasa da bankin da ake rainawa. Kuma ɗan kasuwa mai tsoron Allah ba ya yin alkawalin kashi kaza duk shekara, cewa yake in an samu a raba kaza da kaza, in an faɗi ga yadda za a yi. Ban ce wan mijinki macuci ba ne, ban san shi ba, wataƙila ma da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma kuɗin gado in sun shiga hannun dangin miji ba takarda, ranar da kinka ce a ba ki abinki ke za a ce kin yi rashin kunya.

Abin da ke rage shekarun da gaske yana hannunki, ba a hannun banki ko na albasa ba. Kina da albashi. Mu ce kina iya ware jika 10 duk wata, 120,000 a shekara, kuma don sauƙi mu ɗauka a ƙarshen shekara ake zubawa. Log ɗin dai zai yi aiki, dabara ɗaya za a ƙara: raba abin da kike zubawa a shekara da 0.035, ya ba ki 3,428,571, sai ki tara wannan lambar a kan burinki da kuma a kan abin da kike da shi kafin ki raba su. Dalili shi ne 3,428,571 ita ce uwar kuɗin da za ta haifi 120,000 a shekara a kashi 3.5, to zubinki daidai yake da a ce kina da wannan uwar kuɗin a gefe tana aiki tare da naki.

```
log(5428571 ÷ 4628571) ÷ log(1.035)
```

Na sama 0.06924, a raba da 0.01494, amsa 4.63, shekara 5. Daga 15 zuwa 5 da jika 10 a wata. Ki gwada a kaye: ƙarshen shekara ta farko 1,242,000 da 120,000 sun zama 1,362,000, ta biyu 1,529,670, ta huɗu wajen 1,882,800, ta biyar wajen 2,068,700. In filin na hawa da kashi 2 ɗin nan, a shekara ta biyar ya kai wajen 2,208,000 kin gaza, amma a ta shida kina da wajen 2,261,000 shi yana 2,252,000, kin kama shi da ƙyar. Shida da 35 ba ɗaya ba ne.

Kuma ga wani abu da nasan yana ranki ko ba ki faɗa ba, maganar kuɗin ruwa. Mutane da yawa a nan ba sa taɓa shi, kuma hukuncin na malamai ne, ki tambayi wanda kinka yarda da iliminsa. Abin da lissafi zai ba ki shi ne girman abin da ake magana a kai. In ba ki karɓi ko dala ba, kinka ajiye kuɗin inda ba ya ƙaruwa kina zuba jika 10 a wata, nan ba a ma buƙatar log, 800,000 a raba da 120,000, shekara 6 da wata 8. Kenan duk kuɗin ruwan abin da ya rage miki bai wuce shekara biyu ba. In kin ɗaga zubin zuwa jika 15 a wata, 180,000 a shekara, ba ruwa ba komai, shekara 4 da wata biyar zuwa shida, kin ma riga mai karɓar ruwa da jika 10. In kuma bankin Musulunci kinka je inda rabon riba ake yi, lissafin log ɗin bai canza ba, sai dai ki sa mafi ƙanƙantar ribar da sunka taɓa rabawa ba wadda ke jikin takardar talla ba.

Ni a wurinki uwar kuɗin ba za ta je albasa ba. Zan ajiye ta inda ba hannun da zai kai, in fara zubi tun albashin watan nan, kuma kafin komai in koma wajen mai filin in ji ko zai karɓi miliyan ɗaya yanzu sauran a biya a hankali, da shaidu da takarda kuma bayan an tabbatar takardun filin na gaskiya ne ba an sayar wa mutum biyu ba. In ya yarda kin tsayar da farashin, filin ya daina gudu, saura miliyan ɗaya a biya kuma kina da jika 200 a hannu. Ko ki duba wanda ke ɗan nesa da gari da kuɗinki za su saya yau.

Shi kuma maigida, kada ki je masa da cewa Malam ya ce kai ne ba ka da gaskiya, ba haka na ce ba kuma ba zai gyara komai ba. Ki zaɓi lokacin da ransa ke sanyi ki fara da inda ya yi daidai, ki ce masa ka ga maganarka ta banki gaskiya ce, ajiya kaɗai ba za ta kai ba, ki nuna masa 35 ɗin nan a waya ya gani da idonsa. Daga nan ki nuna masa 1.3 sau 0.8, ki ba shi wayar ya danna da kansa. In har yana so a taimaki yayansa kuma ke ma ranki ya kwanta, ki ware abin da ko ya tafi ba zai rushe miki tsari ba, kamar jika 100 ko 150, a rubuta yadda za a raba riba da asara, kaka ɗaya a gani. In kin cire 150 ɗin sai ki sake buga lissafin da 1,050,000 a wurin 1,200,000, na ƙasan ya zama 4,478,571, amsa za ta fito wajen 5.6, wato shekara 6 maimakon 5, kinga kin san farashin zumuncin tun kafin ki miƙa. Ƙanen naki ki sa shi ya zauna kusa ya duba bakan da kike buɗewa da rufewa a wayar, don nan ne hannu ke yawan zamewa.